Ciwon da ke mintsinin matsematsi idan an tsuguna: daga gaɓar ƙugu ne ko daga wani wuri?

Habibu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ke cikin wannan zaure. Shekaruna 24, ina gyaran moto a Sabon Gari, kuma tun ina ɗan shekara 11 nake buga ƙwallo kusan kullum da maraice. Wata bakwai ke nan ina jin wani ciwo a matsematsina na dama, can ciki, daidai lanƙwasar da ke tsakanin cinya da mara. Idan ina tsaye ko ina tafiya ba na jin komai, amma da zarar na tsuguna ƙasa sosai don in kwance ƙafar moto, sai in ji kamar an sa filaya an mintsine wani abu a ciki, har sai na miƙe da sauri. Haka nake ji idan na ɗaga gwiwa zan ɗaura igiyar takalmi, ko na daɗe a kan 'yar ƙaramar kujera a fada muna shan shayi, ko na jefa ƙafa zan hau moto. Wani lokaci yakan yi ƙara "ƙas" idan na tashi. Babu kumburi, babu zazzaɓi, ban kuma faɗi ba. Na sha diklofenak na mako biyu, ya lafa, da na daina ya dawo. Mene ne wannan, kuma wurin wa ya kamata in je?

Ɗan'azumi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, alamun da ka lissafa sun yi kama da sanyi, domin shi ne yake sauka a mara da matsematsi ya hana mutum sakewa. Ka lura ko fitsari yana yi maka zafi, ka nemi magani da wuri kafin ya yi nisa.

Habibu:
Yaya Ɗan'azumi, na gode, amma fitsarina lafiya lau yake, ba zafi, ba wani abu da ke fita. Ciwon ba ya zuwa sai na lanƙwasa ƙafar, kuma idan na miƙe ta ya tafi.

Sani:
Ni abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne ƙaba, domin mai gyaran moto yana ɗaga inji, kuma ƙaba tana farawa da ɗan ciwo a wannan wurin kafin kumburin ya bayyana. An yi wa wana aikinta shekaru uku da suka wuce, kuma kafin nan ya yi watanni yana cewa jijiya ce ta harɗe. Ka tsaya tsaye ka sa hannu a wurin ka yi tari da ƙarfi, idan ka ji wani abu ya turo hannunka, to ita ce.

Malam Lawali:
Gwajin da Sani ya faɗa daidai ne kuma ya kamata a yi shi, sai dai labarin Habibu bai karkata can ba. Ciwon ƙaba yana ƙaruwa da tari, da yunƙuri, da tsayuwa mai tsawo, kuma yana sauƙi idan an kwanta. Na Habibu kuwa ba ya damuwa da tsayuwa, lanƙwasa gaɓa ce take tayar da shi. Aikina gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓi, wanda a nan aka fi sani da kine, kuma samari masu irin wannan koke suna zuwa mana, yawancinsu 'yan ƙwallo da 'yan kokowa.

Habibu, ina da tambayoyi uku, ka amsa mini su ɗaya bayan ɗaya. Idan aka ce ka nuna inda yake ciwo, da yatsa ɗaya kake nunawa, ko kuwa kama ƙugun kake yi da tafin hannu? Idan ka danna wurin da yatsa, kana iya taɓo ciwon? Sannan ka kwanta rigingine a kan tabarma, wani ya ɗaga maka ƙafar dama har cinya ta tsaya tsaye cak, gwiwa a lanƙwashe, ya tura gwiwar a hankali zuwa wajen kafaɗarka ta hagu, sa'an nan ya ja diddigen zuwa waje yayin da gwiwar take nan. A yi a hankali, kada a danna da ƙarfi, a kuma yi wa ƙafar hagu haka don a kwatanta.

Habibu:
Malam, na yi tarin da Yaya Sani ya ce, ban ji komai ya turo ba. Game da tambayoyinka, kama ƙugun nake yi, babban yatsa a baya, sauran yatsun a gaba cikin lanƙwasar, domin ciwon yana tsakaninsu ne can ciki. Idan na danna ba na taɓo shi ko kaɗan. Yaron shagona ya yi mini gwajin kwanciyar ɗazu bayan azahar: a ƙafar dama, da ya fara jan diddigen waje sai mintsinin nan ya zo sak kamar na tsuguno, kuma ƙafar ta tsaya da wuri kamar ta ci karo da wani abu. Ta hagu ta fi tafiya nesa, ta ɗan ɗaure amma ba ciwo.

Malam Lawali:
To, amsoshin nan uku duk suna nuna gaɓar ƙugun kanta, ba tsoka ko fatar ciki ba. Tsokar cikin cinya idan ta yage ana taɓo ta da yatsa kusa da ƙashin gaba, kuma tana ciwo idan ka matse ƙwallo tsakanin gwiwoyinka. Gaɓa kuwa tana da zurfi, yatsa ba ya kai mata, shi ya sa mai ciwonta yake kama ƙugun gaba da baya.

Bari in kwatanta maka da abin da ka sani. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani kwarmi a ƙashin kwatangwalo, kuma a bakin kwarmin akwai wani leɓe na guringuntsi da ya zagaye shi, yana aikin da robar jowan take yi a inji, wato rufe baki da riƙe ruwan gaɓa. A ƙasan kan ƙashin akwai wuya, wanda ya fi kan siranta, kuma wannan sirantar ce take ba da fili idan ka lanƙwasa ƙafa, wuyan ya matso bakin kwarmin ba tare da sun haɗu ba. A wasu mutane wurin da kai ya haɗu da wuya ba ya da wannan shigar, akwai ɗan tudun ƙashi a gaba, sai ya zama duk lokacin da aka tsuguna ƙasa tudun yana cusa kansa cikin kwarmin yana danne leɓen. A wasu kuma kwarmin ne ya yi zurfi, bakinsa ya rufo fiye da kima, sai wuyan ya riƙa bugun leɓen da wuri. Na farkon ana ce masa kam, ya fi yawa a samari maza, na biyun finsa, kuma da yawa suna da duka biyun. A takardar likita za ka ga an rubuta conflit fémoro-acétabulaire. Wani likitan ƙashi na birnin Bern a ƙasar Suwis, Reinhold Ganz, shi da abokan aikinsa ne suka fito da bayaninsa sosai a shekarar 2003, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan tsofaffin ma'aikata ba su saba ambatonsa ba.

Abin da ya sa na lura da shekara 11 da ka ambata shi ne, tudun nan yana samuwa ne a lokacin balaga, sa'ad da ƙashi yake girma bai rufe ba, kuma an fi ganinsa a yaran da suka yi wasa mai tsanani a waɗannan shekarun. Ba tsugunon gyaran moto ne ya haifar da shi ba, tsugunon dai shi ne yake takalo shi kullum. Sai dai ina jan kunnenka, gwajin da aka yi maka yana fitowa a kusan duk ciwon da ke cikin gaɓar ƙugu, ba wannan kaɗai ba. Ya nuna mana ɗakin da matsalar take, bai nuna mana ko mece ce ba.

Hajiya Zainabu:
Malam Lawali, kalmarka ta ƙarshe ce ta sa zan yi magana, domin na ga abin da ido a gidana. 'Yata tana da shekara 22 lokacin da ta fara kukan matsematsi idan ta durƙusa wanke-wanke ko ta tsuguna gaban murhu. Mun je wani wurin shan magani aka ce sanyin ƙashi ne, aka ba ta ƙwayoyi, muka kai ta wurin mai ɗori ya murza, aka yi mata ƙaho har sau biyu. Sai da ta fara ɗingishi, ciwon yana tashinta cikin dare, sa'an nan aka ɗauki hoto aka ga kan ƙashin ya fara lotsawa. Da aka auna jini sai aka ce tana da amosanin jini nau'in SC, mu kuwa ba mu taɓa sani ba, domin ba ta yi irin ciwon da muke gani ga masu SS ba tun tana ƙarama. Likita ya ce jini ne ya daina isa kan ƙashin. Ɗana Habibu, kafin komai ka san jininka, kada ka ɓata shekara guda kamar yadda muka ɓata.

Malam Lawali:
Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, kuma wannan gyara ne da nake karɓa hannu bibbiyu. Littattafan da muke karantawa an rubuta yawancinsu a ƙasashen da amosanin jini ba shi da yawa, shi ya sa suke saurin zuwa ga tudun ƙashi. A Damagaram kuwa duk saurayi ko budurwa mai ciwon gaɓar ƙugu sai an fara kawar da mutuwar kan ƙashi. Masu SC suna iya kaiwa shekara ashirin ba su san kansu ba, sai ƙugu ko ido ya tona. Gwajin da ke bambance nau'in shi ne elektoroforez, domin gwajin Emel da aka saba yi yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SC da SS. Wani abin da ke kashe kan ƙashi shi ne daɗewa ana shan deksametazon da danginsa, irin waɗanda ake sayarwa a tire don ƙiba ko don ciwon jiki, sai kuma yawan shan giya.

Bambancin da mutum zai iya lura da shi a gida shi ne, mintsinin tudu yana bin yanayin zama, yana zuwa da lanƙwasa ya tafi da miƙewa. Ciwon da yake tashin mutum daga barci, ko yake hana taka ƙafa, ko ya zo da ɗingishi, ko zazzaɓi, ko rama da gumin dare, wannan ba na jira ba ne, domin tarin fuka ma yana kama gaɓar ƙugu. Haka nan wanda ya ƙara gudu farat ɗaya, kamar masu shirin shiga soja da ke zagaye gari da asuba, idan matsematsi ya fara ciwo da kowane taku har tsalle da ƙafa ɗaya ya gagara, ana tsoron tsagewar wuyan ƙashi, kuma wannan a daina gudu a ranar a tafi asibiti.

Habibu:
Hajiya, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ban taɓa auna jinina ba, kuma akwai ɗan baffana mai amosanin jini, saboda haka zan yi. Barci ina yi lafiya, ba na ɗingishi, ban kuma taɓa shan ƙwayar ƙiba ba.

Koci Mamman:
Ni shekara goma sha biyar ina horar da yara, kuma abin da na sani shi ne ƙugun ɗan ƙwallo yana ɗaurewa ne saboda rashin miƙa jiki. Habibu, ka riƙa kwanciya kana jawo gwiwa zuwa ƙirji ka riƙe minti ɗaya, ka zauna ka haɗa tafin ƙafafu wani ya danna maka gwiwoyi ƙasa, safe da yamma. Da farko zai yi zafi, amma zafin nan shi ne alamar yana buɗewa. Yara da yawa sun warke a hannuna da wannan.

Malam Lawali:
Koci, ina girmama ƙwarewarka, kuma na yarda cewa waɗanda tsoka ce ta ɗaure musu suna samun sauƙi da miƙa jiki. Amma a wannan yanayin ba na goyon baya, musamman jawo gwiwa zuwa ƙirji, domin shi ne daidai motsin da ke cusa tudun cikin leɓen. Ƙashi ba ya miƙuwa. Idan ƙofa ta tsaya saboda dutse a bayanta, ƙara turawa ƙyauren zai fasa. Akwai hanyar bambancewa mai sauƙi: idan miƙa jiki yana jan tsoka, ana jin ja ne a bayan cinya ko a ɗuwawu, wato a gefen da ake miƙawa, idan kuwa ana jin mintsini a gaba, a gefen da ake naɗewa, to abu ne yake datse wani abu, a tsaya nan.

Koci Mamman:
Na ji wannan bambancin kuma zan riƙa tambayar yara a kansa. Amma ban gamsu cewa kowane mai tudu ne miƙa jiki yake cutarwa ba, domin akwai waɗanda na san ƙugunsu a ɗaure yake tun suna yara, suna wasa har yau ba ciwo.

Malam Lawali:
A nan kuma kana da gaskiya. Idan aka ɗauki hoton 'yan ƙwallo masu lafiya, za a sami tudun a da yawa daga cikinsu, ba su taɓa jin komai ba. Saboda haka ne masana da suka yi taro a kan wannan ciwo suka fitar da matsaya a 2016, wadda ake kira yarjejeniyar Warwick, cewa ba a kiran sunan ciwon sai abu uku sun haɗu: koken mai shi, abin da gwajin hannu ya nuna, da abin da hoto ya nuna. Hoto shi kaɗai ba ciwo ba ne. Dalilin da ya sa wani yake ciwo wani ba ya yi alhali tudunsu ɗaya, har yanzu ana muhawara a kai.

Habibu, idan ka je asibiti ka nemi ganin likitan ƙashi, a Babban Asibitin Ƙasa na nan Damagaram ko inda ya fi maka sauƙi. Hoton kwatangwalo na gaba shi ake fara ɗauka, yana nuna zurfin kwarmi da lafiyar kan ƙashi, amma tudun yakan ɓuya a cikinsa domin yana gaba ne da ɗan sama. Akwai wani hoton da ake ɗauka kana kwance an lanƙwasa cinya digiri 45 an ɗan buɗe ta, a takarda ana rubuta incidence de Dunn, shi ne yake fito da shi. Ka roƙi likita cikin ladabi ya duba ko ya dace a haɗa da shi, don kada ka biya kuɗin hoto sau biyu.

Habibu:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Jinina AA ne, alhamdu lillahi. An ɗauki hotunan biyu, likita ya ce kan ƙashin lafiya yake, tazarar gaɓar ba ta ragu ba, amma akwai tudun, ya auna wani kusurwa da ya kira alfa ya sami digiri 68 a dama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a hagu ma ya sami 64, alhali hagun ba ta taɓa ciwo ba. Ya ce in yi wata uku a hannun kine kafin a yi wata magana. Malam Lawali, shin wannan ba jinkiri ba ne kawai? Idan ƙashi ne ya yi yawa, ta yaya motsa jiki zai rage shi?

Malam Lawali:
Madalla da sakamakon jinin. Kusurwar alfa tana auna inda kan ƙashi ya daina zama mulmulalle, kuma daga wajen digiri 60 zuwa sama ake cewa akwai tudu, saboda haka duka ƙafafunka biyu suna da shi. Hagunka ita ce hujjar da za ta kwantar maka da hankali: ga ƙugu mai tudu kusan iri ɗaya, yana aiki ba ciwo. Manufar wata ukun ba rage ƙashi ba ce, domin ba zai ragu ba. Manufar ita ce a daina takalar leɓen har ya huce, a kuma ƙarfafa tsokokin da ke riƙe kwatangwalo don kada ya riƙa kifowa gaba yana rage filin da ya rage.

Rabin aikin a shagonka yake. Ƙa'idar ita ce kada gwiwa ta fi ƙugu tsawo na dogon lokaci. Ka bar 'yar kujerar tsuguno, ka sami benci mai tsayin da zai kai bayan gwiwarka, kamar santimita 45 zuwa 50, kuma idan da hali ka gina dakali ko ka haɗa katako ka riƙa hawar da moton sama maimakon kai ka sauka ƙasa. Idan aikin ƙasa ya zama dole, ka durƙusa da gwiwar dama a kan kwali ko tsohon soso, ƙafar hagu a gaba, domin a haka cinyar dama tana miƙe. Idan kuwa tsugunon ba makawa, ka buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, yatsu su kalli waje, gwiwoyi su bi yatsu kada su faɗo ciki, sai ka ga ka ƙara samun zurfi kafin mintsinin ya zo. A bayan gida ma haka, kuma kujera mai rami da ake yi wa tsofaffi ba abin kunya ba ce na wata uku.

Sauran rabin shi ne ƙarfafa jiki, kuma kinen da zai gan ka shi zai daidaita maka, amma ga tushensa. Ka kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ɗuwawu har cinya da ciki su yi layi ɗaya, sau 12, zagaye uku. Ka kwanta ta gefe ka ɗaga ƙafar sama a miƙe, ɗan baya kaɗan, shi ma haka. Ka zauna a bencin ka tashi ba tare da dafa komai ba, kana tura ɗuwawu baya, kuma bayan mako uku ko huɗu ka fara riƙe wani nauyi kamar jarkar lita biyar. Kwana uku ko huɗu a mako ya isa. Ma'auninka shi ne, idan aka ce ciwo mafi tsanani goma ne, kada atisaye ya wuce uku, kuma ya zama washegari ya koma yadda yake. Idan ya kwana ya ƙaru, ka yi yawa, ka rage. Ƙwallon gasa ka ajiye ta mako shida na farko, domin juyi a kan ƙafa ɗaya da bugun ciki su ne suka fi tayar da shi, amma tafiya da keke mai sirdi sama ba su da laifi. Diklofenak kuma ba abin sha kullum ba ne, yana cin ciki yana wahalar da ƙoda, balle a zafin nan namu da mutum yake wuni yana gumi, tiramol kuwa kada ma ka fara.

Habibu:
Na fahimta, Malam. Akwai abin da na ji nauyin faɗa tun farko, shi ne zaman tahiya ma yana mintsinina, sujada kuma wani lokaci.

Malam Lawali:
Ba abin jin nauyi ba ne, kusan kowa yana kawo wannan. A zaman tahiya, idan ka zauna a kan ɗuwawun hagu ka fitar da ƙafar dama gefe, cinyar dama tana lanƙwashe kuma tana juye ciki, wato kusan yanayin gwajin da yaronka ya yi maka. A sujada kuwa, idan ka bar cinyoyi a tsaye ka nisanta ciki da su, ka ɗan buɗe gwiwoyi, lanƙwasar tana raguwa sosai. Hukuncin sauya zama ba fannina ba ne, na bar wa malamai.

Malam Nuhu:
Abin da ya tabbata shi ne hadisin Imrana bin Husaini a cikin Bukhari, inda aka ce masa ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Siffar zaman tahiya ba ta cikin farillai, saboda haka mai lalura ya zauna yadda ba zai cutu ba, sallarsa ta inganta. Nisanta ciki da cinya a sujada kuwa abin so ne ga namiji tun asali.

Sani:
Ni har yanzu ina ganin idan an san tudu ne, gara a kankare shi a huta. Na ji ana yin aikin da ƙaramar kyamara ba tare da an tsaga ba. Saurayi ne, idan aka bari gaɓar ta cinye ai asarar ta fi yawa.

Malam Lawali:
Aikin yana nan, ana huda wuri biyu ko uku, a ja ƙafar don gaɓar ta buɗe, a kankare tudun a ɗinke leɓen idan ya yage. A Birtaniya an yi wani bincike da aka buga a 2018, an raba mutum 348 gida biyu, wasu aka yi musu aiki wasu aka ba su kine na musamman. Bayan shekara guda duka ɓangarorin sun sami sauƙi, masu aikin sun ɗara da kusan maki 7 a ma'auni mai maki 100. Rata ce ta gaske amma ba mai faɗi ba, kuma bayan aikin ma sai an yi watanni ana kine, sannan ba kowa ne yake komawa wasa yadda yake da ba. Kafin a kai can sai an yi hoton maganaɗisu, wanda ake rubuta IRM, don a ga leɓen da guringuntsin, kuma wasu likitoci suna yin allurar kashe zafi cikin gaɓar don su tabbatar daga nan ciwon yake. Masu yin wannan aikin a ƙugu ba su da yawa a yankinmu, saboda haka magana ce ta tafiya da kuɗi mai nauyi.

Game da cinyewar gaɓa, gaskiya ne babban tudu yana ƙara haɗarin a tsawon shekaru, amma da yawa masu shi ba sa kaiwa can, kuma ba a tabbatar da cewa kankarewar tana hana hakan ba. Ni a ra'ayina ba a yi wa mutum aiki don tsoron abin da zai zo bayan shekara ashirin, ana yi ne idan ya yi wata uku zuwa shida yana bin ƙa'ida tsakani da Allah, ciwon kuma ya ci gaba da hana shi neman abinci.

Sani:
Ban ƙi ba, amma wanda sana'arsa tsuguno ce ba zai yi shekara talatin yana lallaɓa ƙugu ba. Za mu ga abin da wata ukun za su haifar.

Habibu:
Yau mako biyar ke nan. Na sa an yi mini dakali na bulo biyu a ƙofar shago, ina hawar da moto da katako, kuma makwabcina mai faci har ya fara aron wurin. Mintsinin ya ragu ƙwarai a wurin aiki, ina iya wuni ban ji shi ba, tashi daga benci da jarka kuma na kai sau 12 ba wahala. Amma ranar Juma'a na kasa haƙuri na shiga wasan unguwa na minti ashirin, na buga wata ƙwallo da cikin ƙafa, ya kama ni har kwana biyu, ƙarar "ƙas" ɗin ma ta dawo. Malam, in koma farko ne, ko in ci gaba daga inda nake?

Malam Lawali:
Ba sai ka koma farko ba. Ka ajiye jarkar kwana uku, ka ci gaba da sauran, idan ya koma yadda yake kafin Juma'a ka ɗauke ta. Ƙarar idan ba ta tare da ciwo ba ta da damuwa, sau da yawa jijiya ce take tsallake ƙashi. Amma idan ka ji gaɓar ta maƙale ta ƙi motsi na ɗan lokaci, ko ƙafar ta saki, ka rubuta ranar da abin da kake yi, ka nuna wa likitanka idan kun koma, domin wannan yana iya sa ya nemi hoton maganaɗisun tun kafin wata ukun su cika.